Mai Ba Ka Shawara Daban, Mai Tsaya Maka Daban

Wata 'yar aminina, akanta ce a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, ta zo mini da kuka bara. Shekararta bakwai a wurin, ba a taɓa kama ta da kuskuren lissafi ba, kuma tana da manya har uku da take zuwa wajensu neman shawara. Amma da kujerar shugaban sashen kuɗi na sabon reshe ta samu, sai aka ɗora wani da ta girme shi a aiki da shekara biyu. Na ce mata, "Ranar da aka zauna zaɓen wanda za a ba, wa ya ambaci sunanki a ɗakin?" Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, duk ukun ba wanda yake shiga wannan zaman."

A nan gizo ke saƙar. Mai ba ka shawara da kai yake magana. Yana gyara maka takardar neman aiki, ya nuna maka inda ka yi kuskure, ya kwantar maka da hankali. Abin da yake kashewa a kanka lokacinsa ne, kuma in ka gaza, mutuncinsa yana nan yadda yake. Shi kuwa mai tsaya maka, maganarka yake yi a inda ba ka nan. Shi ne zai ce wa 'yan'uwansa manya, "Ku ba ta, na tsaya mata." Sunansa ya jingina ke nan, in ka ba da kunya shi za a kalla.

Masana harkar aiki a Turai da Amurka sun daɗe suna nazarin wannan. A 2010 Herminia Ibarra da abokan aikinta biyu sun wallafa wani bincike a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard, inda suka nuna cewa mata ma'aikata suna samun masu ba su shawara sosai, amma maza sun fi su samun manyan da ke tura sunansu gaba, shi ya sa suka fi su samun ƙarin girma. A 2013 Sylvia Ann Hewlett ta rubuta littafi guda a kan batun. Mu kuwa tun kafin wannan muna da kalmarsa: lamuni. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa ke sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta shanunsu bashi, maigidan ya lamunce. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ke biya. Don haka ba ya tsaya wa mahauci sai ya san tarihin biyansa. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci yadda ake samun mai tsaya masa a ofis: aikinka shi ne ka rage masa fargabar asara.

Abin da na fara gaya wa yarinyar nan shi ne ta gano masu shiga zaman. Mutum huɗu ne, kuma ɗaya ce kawai aikinta ke bi ta teburinta, wato shugabar sashen binciken kuɗi. Kuskuren da matasa ke yi shi ne su bi wanda ya fi sakin fuska, ko wanda suka haɗa gari da shi. Kirki ba ya buɗe ƙofar da mutum ba shi da mabuɗinta. Ka nemi wanda ake jin maganarsa, wanda kuma zai iya ganin aikinka da idonsa.

Sai kuma na hana ta zuwa ta ce, "Hajiya, ki zama uwar ɗakina." Ba a roƙon lamuni da baki kafin a nuna hali. Ta lura cewa kowane ƙarshen wata daidaita lissafin kamfani da na banki yana cin kwana goma, kuma wannan jinkirin ne ke sa a tsare Hajiyar da tambayoyi a gaban shugabanni. Ta nemi izini ta karɓi aikin. Ta riƙa daidaita shi kowace Juma'a maimakon ta bari ya taru, ta ware cakin da ba a kai banki ba a shafi guda. A wata na uku aikin ya dawo kwana huɗu. Kowane wata kuma takan aika wa Hajiyar taƙaitaccen bayani, layi biyar: abin da aka gama, abin da ya rage, da dalili. Wannan taƙaitaccen bayani shi ne makamin da mai tsaya maka zai shiga da shi ɗakin taro. In ya ce "tana da ƙoƙari", kowa ma yana da nasa mai ƙoƙarin. In ya ce "ta mai da kwana goma huɗu", gardama ta ƙare.

Akwai wata rana da ta fi duk waɗannan. Ta shigar da wani kuɗi sau biyu, ta gano da kanta bayan kwana biyu, ta je ta faɗa kafin a tambaye ta, da gyaran a hannunta. Mutane suna zaton kuskure ke kore mai tsaya maka. Abin da ke korarsa shi ne ya ji labarin kuskurenka daga bakin wani, a gaban jama'a. Wanda ya san ba za ka ɓoye masa ba, zai iya sa sunansa a kanka ya yi barci.

Sai bayan wata takwas ta buɗe baki, kuma ta faɗi abu takamaimai: "Hajiya, in an tashi buɗe reshe na gaba, ina son a duba ni a shugabancin kuɗi. Me kike ganin ya rage mini?" Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai an kafa sanarwa, ya tarar an riga an gama magana. Hajiyar ta ce yarinyar ba ta taɓa jagorantar mutane ba, ta kuma sa ta shugabanci ƙidayar kayan sito ta ƙarshen shekara. Ta haka ake gane an samu mai tsayawa: za ka ga ana kiranka taron da a da ba ka shiga, ana ba ka aiki mai wuya a bainar jama'a, manyan da ba ka sani ba suna kiran sunanka. In shekara ta zagayo ba abin da ke tsakaninku sai nasiha da shayi, malami ka samu. Ka riƙe shi da daraja, amma ka ci gaba da nema.

Na san wasu za su ce ai wannan shi ne kamun ƙafa da siyasar ubangida da suka lalata mana ma'aikatu. Tsoronsu yana da tushe, amma akwai ma'auni. Mai tsaya maka na gaskiya yana iya faɗin dalilinsa a gaban kowa, kuma tukwicin da yake jira shi ne ka fitar da shi kunya. Ubangidan banza kuwa biyayya yake saye. Ranar da aka ce ka sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce don an taɓa yi maka hanya, ka san bashin da ka ci ya fi ƙarfin kujerar. Kada kuma ka rataya rayuwarka a wuyan mutum ɗaya, domin ritaya da canjin wurin aiki ba sa sallama.

Kirana ga manyanmu, musamman masu shiga ɗakin da ake yanke hukunci: nasiha ba ta isa ba. Ku duba cikin yaran da ke ƙarƙashinku, har da matan da kunya ke hana su kusantar ofisoshinku, ku zaɓi wanda aikinsa ya cancanta, ku ambaci sunansa a inda ambaton ke da amfani. Kai kuma matashi, kafin ka nemi a tsaya maka, ka tabbata ka zama wanda in an lamunce masa yana biya.