Zancen Gida: Dokar Masauki, A Faɗe Ta Kafin A Karɓi Kuɗi

A wannan wata zancenmu a kan masu ba da hayar ɗaki da kayansa ne, na kwana uku ko mako biyu, irin wadda ta yawaita yanzu a Hotoro da Tarauni da Gyadi-Gyadi. Dalilin yawaitarta ba ɓoyayye ba ne. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya, mutane kuwa suna kawo majinyata daga nesa, har daga Nijar. Mai jinya yana son wurin da zai dafa kunu, ya yi wanki, ya ɗan runtsa, otal kuwa ba ya ba shi wannan.

Wata uwa a zumuntar mata ta ikkilisiyarmu, gwauruwa ce, tana da ɗaki da falo a bayan gidanta a Hotoro. Ta sa gado da kujeru da firji da tukunyar gas da na'urar sanyaya ɗaki, tana ba da shi naira 15,000 kowane dare. Da kuɗin take biya wa jikokinta makaranta. Ran nan ta aiko a kira ni, na tarar ranta a ɓace.

Ta ce, "Malam, na karɓi mutum biyu, yau ga mutum tara. Na sa wuta yunit 200, a kwana takwas ta ƙare. Tankin ruwa kuwa ba ya kai la'asar. Na yi magana, sun ce ai ban faɗa musu ba."

Na ce, "Mama, kin faɗa musu?"

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce kunya ta ji, gama mahaifinsu yana kwance a asibiti, yaya za ta tare su da dokoki?

Wannan kunya na san ta, ba kuwa abin raini ba ce. Littafin Ibraniyawa sura 13 ya gargaɗe mu a kan karɓar baƙi. Amma dubi inda kunyar ta kai su. Baƙin ba mugaye ba ne, dangi ne suka zo dubiya daga ƙauye, dare ya yi musu, suka kwana. Su a ganinsu sun biya ɗaki. Ita a ganinta an cuce ta. Da an rubuta magana tun farko, da babu wanda zai riƙe wani a zuciya. Dokar da aka faɗa kafin a karɓi kuɗi yarjejeniya ce. Wadda aka fito da ita a rana ta takwas kuwa, baƙo zai ɗauke ta kora ce.

Muka zauna da takarda da fensir, muka fara da wuta, domin nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin wajen yunit ɗaya da ɗan ɗori a awa guda, mu ce 1.2. In ta yi awa goma da dare, yunit 12 ke nan. Firji da fanka da fitilu da talabijin su ci kamar uku. Wato yunit 15 a rana ya ishi mutum biyu. Su kuwa sun ci 25 a rana, gama 200 a raba takwas 25 ne. Wannan ya nuna na'urar tana yin wajen awa goma sha takwas a kunne, har lokacin da kowa yana asibiti. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A wannan farashi yunit 200 naira 45,000 ne, kuɗin dare uku cur.

Saboda haka ba mu rubuta "a yi tattalin wuta" ba, domin wannan magana ba ta da ma'auni, kowa zai ce ya yi tattali. Muka rubuta: kuɗin ɗaki ya haɗa da yunit 15 a rana, abin da ya haura baƙo ne zai saya. Ranar shiga, mai gida da baƙo su tsaya gaban mita tare, su rubuta lambar da ta nuna, ranar fita ma haka. Amma a lura, wannan doka ba ta da amfani sai ɗakin yana da mitarsa dabam, ko ƙaramar mita da mai gyaran wuta zai ɗaura masa. In mita ɗaya ce da ta babban gida, ba ka da hujjar ɗora wa baƙo.

Sai yawan mutane. A nan na saɓa da Mama, gama ita so ta yi a hana baƙi shigowa sam. Na ce a ƙasar nan ba a hana dubiya, wanda ya rubuta haka ya rubuta dokar da shi kansa ba zai iya tsare ta ba. Muka raba mai ziyara da mai kwana. Ziyara daga ƙarfe takwas na safe zuwa takwas na dare. Masu kwana mutum uku, a rubuta sunayensu, babbansu ya nuna katin ɗan ƙasa. In na huɗu zai kwana, a faɗa tun da rana, a ƙara naira 2,000 saboda ruwa. Ana kulle ƙofar gida ƙarfe goma, amma mai jinya a ba shi lambar maigadi, domin asibiti ba ya duba agogo kafin ya kira mutum.

Batun ruwa ya zo da abin da ba mu zata ba. Tankinta lita 2,000 ne. Mutum tara da mutanen gidanta biyar, ko kowa ya ci lita 60, bai kai lita 900 ba. To, ina sauran? Muka zuba ɗan bula a tankin masai, ba mu ja ruwa ba. Bayan minti goma sha biyar sai ga shuɗi a cikin kwano. Robar ciki ce ta lalace, ruwa yana tsiyaya dare da rana. Ashe rabin laifin da aka ɗora wa baƙi ba nasu ba ne. Shi ya sa muka sa doka a kan mai gida ita ma: abin da ya lalace ba da hannun baƙo ba, za a gyara cikin yini ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafi maƙwabta. Kano tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, maƙwabtan Mama kusan duka Musulmi ne, shekaru da yawa suna zaman mutunci. Baƙo zai tafi bayan mako guda, ita ce za ta zauna da su. Muka rubuta a fili: ba giya, ba biki ko kiɗa mai ƙarfi, namiji da mace kuma sai ma'aurata ko dangi. A faɗi wannan tun a waya, kada mutum ya iso da jakarsa da dare sa'an nan a mayar da shi. Na kuma shawarce ta ta sanar da mai unguwa irin hayar da take yi.

Kuɗin ajiya muka sa naira 20,000, da takardar lissafin kaya, daga zanen gado har cokali, kowa ya sa hannu. Za a mayar da kuɗin ranar fita, a gaban baƙo, ba "je ka, zan aiko" ba. Duka dokokin shafi ɗaya ne, da Hausa da Turanci, ɗaya a manne bayan ƙofa.

Su baƙin nata kuwa, ba ta karɓi kome a hannunsu a kan yunit 200 ɗin ba, tun da ba a yi da su ba. Ta kai musu takardar da kanta, babban ɗan ya karanta, ya sa hannu, ya nemi ƙarin mako guda, gama ba a sallami mahaifinsu ba tukuna.