Takardar Hutun Rashin Lafiya: A Faɗi Kwanaki, A Bar Sunan Cuta

Takardar da likita ke ba ma'aikaci ya kai wurin aiki ba mutum ɗaya ke karanta ta ba. Masinja ne zai karɓa ya miƙa wa akawun rajista, akawu ya buga mata hatimi ya sa a fayil, fayil ya bi ta teburin shugaban sashe, ya wuce ofishin kula da ma'aikata. Idan likita ya rubuta sunan cutar a jiki, kafin azahar duk waɗannan sun san abin da wataƙila mahaifiyar mai ciwon ma ba ta sani ba. Ra'ayina shi ne wannan takarda ta faɗi abin da ma'aikaci zai iya yi da wanda ba zai iya ba, da ranar da hutun zai ƙare. Sunan cuta kuwa a bar shi a katin asibiti.

Mu tambayi kanmu me maigidan aiki yake bukata. Yana so ya tabbata likita na gaskiya ya duba mutumin. Yana so ya san kwana nawa zai yi ba ya nan, don ya sami mai riƙe masa aiki. Yana so ya san ko idan ya dawo akwai aikin da bai kamata a ɗora masa ba. Babu ɗaya cikin ukun nan da sai an ambaci cuta kafin a amsa shi.

Doka ma haka ta tsaya. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikacin da dokar ta shafa damar karɓar albashi har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya shaida hakan. Shaidar likita aka nema, ba sunan ciwo ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ya ce bayanin lafiyar majiyyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko na doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ake tsananta wa tsaro. Son sanin shugaban ofis ba ya cikin waɗannan dalilai.

Ga misali. A ce malamar makaranta ce ta yi ɓari, aka yi mata wankin ciki, likita ya ga tana bukatar mako biyu. Takardarta za ta iya cewa: "Na duba wance a ranar 3 ga Maris. Bisa abin da na gani, ba za ta iya aiki ba saboda dalilin rashin lafiya daga ranar 3 zuwa ranar 16 ga Maris. Za ta iya komawa aiki ranar 17, amma kada ta ɗauki kaya masu nauyi ko ta daɗe a tsaye har zuwa ranar 24, da zan sake duba ta." Sai sunan likita a rubuce sarai, da lambar rajistarsa ta Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, da sa hannu, da hatimin asibiti, da lambar wayar ofishin da za a iya tabbatar da takardar. Hedimasta ya sami duk abin da zai tsara jadawali da shi, malama kuma ita za ta zaɓi wanda za ta gaya wa abin da ya same ta.

A lura da kalmar "na duba". Idan mutum ya zo bayan ya kwana uku a gida, kada likita ya rubuta kamar ya gan shi tun ranar farko. Ya ce: "Ya shaida mini ba shi da lafiya tun ranar kaza, ni kuma na duba shi yau." Wannan bambanci ne ke sa maigidan aiki ya yarda da takardar, ya kuma kare likita daga zargin shaidar zur.

Goge sunan cuta kaɗai bai isa ba, domin asiri na tonuwa ta wasu ƙofofi. Wasu likitoci kan rubuta lambar cutar a madadin sunanta, suna ganin sun rufe. Duk mai waya a hannu zai iya buga O03 ya gano ɓari ne, ko F32 ya gano ciwon damuwa ne. Hatimin sashe ma yana magana: takardar da ta fito da tambarin ɗakin masu cutar ƙanjamau ta gama faɗin komai. A Kano, a ce an ga Dawanau a saman takarda ya isa a fara yi wa mutum kallon taɓin hankali. A yi amfani da hatimin asibiti na bai ɗaya, kada a ambaci magani. Inda sunan asibitin kansa ke tona asiri, likitan ma'aikata zai iya karɓar rahoton ya fitar da tasa takardar.

Masu kamfani za su ce: to direban tanka da ya fara farfaɗiya fa, a ɓoye mana har ya kashe mutane? Tambaya ce mai nauyi, kuma a nan ne tsarin ya fi amfani. Likita ya rubuta: "Kada ya tuƙa mota, kada ya hau wuri mai tsayi, kada ya yi aiki da inji mai juyawa har sai na sake duba shi ranar kaza. Zai iya aikin ofis ko na sito." Manaja ba likita ba ne, wannan umarni ya fi masa amfani fiye da sunan cutar da zai fassara yadda ya ga dama. Idan direban ya yi kunnen ƙashi ya koma sitiyari, nan ne batun haɗari ga jama'a ke shigowa, kuma ko a nan sai likita ya fara gargaɗinsa, sannan ya sanar da wanda ya wajaba kaɗai.

Sai batun takardun jabu, waɗanda kowa ya san ana sayen su. Rubuta sunan cuta ba ya maganinsu, domin mai ƙirƙirar hatimi ba zai gaza rubuta taifot ba. Maganin shi ne a kira asibiti a tambayi abu ɗaya: ku kuka ba da takarda mai lamba kaza a rana kaza? Amsa "e" ce ko "a'a". Idan shakka ta ci gaba, shi dai sashe na 16 ya ba maigidan aiki damar neman likitan da ya zaɓa ya duba ma'aikacin. Shi ma wannan likita abin da zai mayar shi ne "zai iya aiki" ko "ba zai iya ba".

Ba sabon abu nake kawowa ba. A Jamus, bayanin da ke isa ga maigidan aiki ba ya ɗauke da sunan cuta. A Afirka ta Kudu, ƙa'idar likitoci ta ce sai da yardar majiyyaci ake bayyana ciwon. In bai yarda ba, a rubuta kawai cewa ba zai iya aiki ba.

Kirana ga shugabannin asibitocinmu: a sake buga fom ɗin nan, a cire layin sunan cuta, a sa layin ayyukan da aka hana da ranar sake dubawa. Ofisoshi su ware waɗannan takardu daga fayil mai yawo tebur-tebur. Kai kuma ma'aikaci, karanta takardarka kafin ka bar ɗakin likita. In ka ga sunan ciwonka a jiki alhali ba ka yarda ba, ka nemi a sake rubuta ta. Haƙƙinka ne.