Godiyar gudummawar biki: a bar adadi a littafi

Da an fara girbi, kaka ta kama, gayyatar biki ba ta ƙarewa a waya. Yau ɗaurin aure a Kazaure, gobe suna a Roni, jibi walima a Babura. Wani abu da ya fara zama ruwan dare bayan an watse shi ne yadda ango ko amarya za su ɗora hoton alat a sitatus, su rubuta "Allah ya saka wa wane, ya turo dubu hamsin". Niyyar kirki ce, amma a ganinmu wannan salon godiya yana ɓata zumunci fiye da yadda yake gyara shi. Adadin kuɗi wurinsa littafin gudummawa, ba saƙon godiya ba.

Wani zai ce ai ba yau aka fara ba, tun da can maroƙi yakan ɗaga murya a fili ya faɗi abin da wane ya bayar. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya miƙa kuɗi a gaban maroƙi ya san za a shelanta, shi ya zaɓi hakan, kuma magana ce da iska ke ɗauka. Wanda ya tura ta waya da daddare, ko ya danƙa maka ambulan a soro, ya zaɓi sirri ne. Hoton alat kuwa ba ya gogewa: ana adana shi, ana tura wa wasu, wani lokaci ma har ragowar kuɗin asusunka yana jiki.

Akwai kuma dalilin da iyayenmu mata suka fi mu sani. A wurinsu biki kamar bashi ne. Abin da ƙawa ta kawo ana rubutawa, ranar nata a mayar, sau da yawa har da ƙari. Shi ya sa ba a wasa da littafin, amma ba a karanta shi a tsakar gida. Idan ka faɗi adadi a fili, ka tona abin da ake bin ka, ka kuma ɗora wanda ya ba da dubu biyu a sikeli ɗaya da mai dubu hamsin. Ƙaramin zai ji kunya, babban kuma masu roƙo su yi masa caa.

To me saƙon zai ƙunsa? Abu uku ne: ka kira mutum da sunan da ka saba kiransa, ka tabbatar masa saƙonsa ya iso, ka yi masa addu'ar da ta dace da shi. Na tsakiyan ne ke jan mutane zuwa ambaton adadi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da jama'a da dama suka saba da tiransifa. Mai turawa yana son ya san kuɗin ya shiga. Amma rana da hanya sun isa shaida, ba sai an faɗi nawa ba.

A ɗauka wani ango ne a Kazaure. Kawunsa na Roni ya turo 50,000 ta banki. Abokinsa na Babura ya turo 2,000 ta wurin mai POS. Gwaggonsa ta Gwiwa ta aiko ƙaninsa da kuɗi a hannu. A littafi, kowa da layinsa: suna, gari, rana, hanya, adadi. A waya kuwa ga yadda za ta kasance.

Kawu ba a fara masa da rubutu. A kira shi, ko a je har gida bangajiya. Idan ya zama dole a rubuta: "Assalamu alaikum Kawu, ina gajiya? Saƙonku na ranar Alhamis ya iso. Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya bar zumunci." Ka lura da "saƙonku". Kalmar saƙo ko gudummawa tana rufe kuɗin ruf, jam'in kuma girmamawa ne.

Abokin na Babura shi ne aka fi mantawa, domin alat ɗinsa ba da sunansa zai fito ba, da sunan mai POS ko shagonsa zai zo. Don haka kafin ka fara godiya, zauna ka haɗa alat da mutane, ka duba waɗanda suka turo maka rasit a WhatsApp. Sannan ka rubuta: "Abokina, na ga saƙonka da ya shigo ta POS ranar Juma'a. Wallahi na ji daɗi. Allah ya nuna mana naka, mu zo mu rama." Zafin godiyarsa kada ya gaza na Kawu. Mai yiwuwa dubu biyun nan ta fi yi masa nauyi a aljihu.

Na Gwaggo ne kaɗai ke da sarƙaƙiya, saboda kuɗin ya bi ta hannun ɗan aike, amana ta shigo ciki. Nan ma ba a cusa lissafi cikin godiya. Ka ƙirga a gaban wanda ya kawo, ka rubuta, sannan ka kira: "Gwaggo, ɗan'uwana ya kawo saƙo, na karɓa hannu da hannu." Idan ita ta tambaya nawa ya kawo, ka faɗa mata, domin tabbatarwa take yi. Haka abin yake ga kuɗin da abokan makaranta suka haɗa a gurup: jimilla tsakaninka da wanda ya tara ne, ta saƙon sirri. A gurup ɗin kuwa godiya ɗaya ga kowa, ba jerin sunaye daga babba zuwa ƙarami.

Sai a kula da kalmomin da ke faɗin adadi ba tare da lamba ba. "Na ga ɗan abin da ka turo" raini ne ko da ba ka nufa ba. "Komai ƙanƙantarsa mun gode" ya gaya wa mutum cewa ka auna, ka ga bai kai ba. "Kai, wannan ai ya yi yawa" yana sa mai bayarwa ya fara tunanin ko ya wuce gona da iri. Har faɗin abin da aka saya yana iya tona asiri: idan ka ce da kuɗinsa aka sayi katifa, kowa ya san farashin katifa. "Ya taimaka mana a hidimar" ya wadatar. Gwaji mai sauƙi shi ne: da za a tura saƙon nan ga wani baƙon bisa kuskure, zai iya hasashen nawa aka bayar? In zai iya, a sake rubutawa.

Wannan ba yana nufin a kwafi saƙo ɗaya a watsa wa mutum ɗari ba. Rubutun "muna godiya ga duk waɗanda suka halarta" a Facebook yana da amfaninsa, amma bai sauke nauyin wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa ba. Shi yana buƙatar nasa, da sunansa, kuma cikin makon bikin, kafin ya fara tunanin ko kuɗin ya maƙale a hanya ya rasa yadda zai tambaya. Ga wanda karatun boko bai dame shi ba, saƙon murya na rabin minti ya fi dogon rubutu.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicin da mai gudummawa ke jira shi ne ya ji an san ya yi, an kuma rufa masa asiri. Littafin kuwa a adana shi da kyau, domin ranar da gayyatar abokin nan na Babura ta iso, shi za a buɗe.