Nauyin Hoto Ke Korar Mai Saye

Jama'a, makon jiya wata mai sayar da atamfa ta kawo mini kuka, wai masu saye suna leƙa shafinta na intanet su fice. Da na buɗe shi a ƙaramar waya sai na ga dalili. Hotuna 12 ta jera, kowanne megabait 3, watau 36 ke nan. Inda layi ba ya jawo fiye da kilobait 50 a daƙiƙa, sai an yi jiran minti 12. Wa zai tsaya?

To, sai muka rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 720, nauyinsa ya koma kilobait 60. Muka jera su sahu ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kowanne da kuɗinsa a gindinsa. Hotunan ƙasa muka sa musu wannan umurni, don kada su sauko sai an gangaro kusa da su:

```
loading="lazy"
```

Na farko kuwa ba a sa masa, domin jinkirta shi zai yi. Yanzu daƙiƙa kaɗan ya bayyana.

Amma fa ƙaramin hoto yakan ɓoye ƙananan zanen atamfa. Saboda haka aka ajiye babban, sai wanda ya taɓa hoton zai jawo shi.