Wasiƙa ga Masu Haɗa Man Fuska a Sokode da Dapaong

Iyayena da 'yan uwana mata masu sana'ar haɗa man shafawa, daga Zangon Sokode har zuwa babbar kasuwar Dapaong.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce 'yar kwalbar nan ta man ƙamshi da ake tatsowa daga ɓawon lemo, wadda yanzu kuke ɗigawa a cikin man kaɗanya da zuma. Man kaɗanyarku ba shi da laifi, shi ne ma kamfanin Alaffia ya riƙa sarrafawa a Sokode yana kaiwa Amurka. Matsalar tana cikin ɗigon da ake yi da ka, ba awo.

Ɓawon lemun tsami yana ɗauke da wani sinadari mai suna furokumarin. Idan ya shiga fata, sannan rana ta doke shi, sai ya ƙona wurin. Abin da yake rikita mutane shi ne ƙunar ba ta fitowa nan take. Sai bayan kwana ɗaya fuska ta yi ja tana zafi, a kwana na biyu ko na uku ta iya yin bororo kamar an watsa mata ruwan zafi. Idan ta warke, sai ta bar baƙin tabo da yake ɗaukar watanni kafin ya gushe. Alamar da za ku gane shi da ita: tabon yana bin inda aka shafa man ne kawai, wani lokaci har da sawun yatsu, wurin da ɗankwali ya rufe kuwa lafiya lau. Ruwan lemun tsami da ake matsawa a haɗin gyaran fuska shi ma yana yin haka.

Mu ɗauki misali. Mai haɗi ta narkar da man kaɗanya giram 50, ta ɗiga man lemun tsami ɗigo 40 don ƙamshi ya tashi. Ɗigo 20 kusan mililita ɗaya ne, ke nan ta zuba kusan kashi 3.5 cikin ɗari. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda kamfanoni suke bin ƙa'idarta, ta tsayar da iyakar wannan mai a kashi 0.7 cikin ɗari ga duk abin da zai kwana ko ya wuni a jikin fata. Wato a wannan gwangwani bai kamata ya wuce ɗigo 8 ba. Ta ninka iyaka sau biyar. Wadda ta saya ta shafa da safe, ta hau babur zuwa kasuwa a zafin watan Maris na Dapaong. Bayan kwana biyu sai ta ga baƙi a kumatunta, ta ɗauka man ne bai isa ba, ta ƙara laftawa. A nan ɓarnar take ninkuwa.

Ba duk man lemo ne yake haka ba, ya danganta da yadda aka tatso shi. Wanda aka matse daga ɓawo shi ne mai haɗarin. Wanda aka fitar ta hanyar tururi yana barin furokumarin a baya, shi ya sa ba ya ƙuna a rana. Man lemun zaƙi shi ma ba ya wannan ƙunar. Man bagamot ya fi kowanne tsanani, iyakarsa kashi 0.4, sai in an rubuta FCF a jikin kwalbar, alamar an cire sinadarin. Don haka ku tambayi mai sayarwa: matsa aka yi ko tururi? Kwalbar da ba ta faɗi komai ba, ku ɗauke ta a matsayin mai haɗari.

Abin da mayukan kamfani na gari suka fi naku da shi awo ne da rubuta abin da ke ciki. Amma ba kowane man kanti ne abin yarda ba, domin na bilicin da yawa suna ɗauke da haidirokwinon ko maganin kwatizon mai ƙarfi da yake sirantar da fata. Ku da kuka san abin da kuka zuba da hannunku, babu abin da zai hana ku kama awon.

Shawarata ita ce kada man lemo na matsa ya shiga haɗin da za a shafa da rana ko kaɗan. In an sa shi a na dare, a tsaya a iyaka, a wanke da safe, a kuma bari awa 12 su wuce kafin a shiga rana. Ku ajiye kwalbar a rufe a wuri mai sanyi da duhu, don tsohon man lemo da iska ta shige shi yana haddasa ƙaiƙayi ko da babu rana. Wadda fuskarta ta ƙone ta daina shafawa, ta wanke da sabulu, ta ɗora tsumma mai sanyi, ta guji rana. In akwai bororo, sai asibiti.

Don Allah, ku ƙirga ɗigo kafin ku zuba, ku rubuta abin da ke ciki a jikin kowane gwangwani, ku faɗa wa mai saye da bakinku ko na dare ne ko na rana. Fuskar da ta amince da hannunku amana ce a wuyanku.

Allah Ya sa albarka a sana'arku. Wassalam.

'Yar uwarku a sana'a.