Mai Bin Bashi Ba Almajiri Ba Ne: A Gyara Kan Takarda

Abin takaici ne a ce mutum ya yi aiki da guminsa, kuɗinsa ya maƙale a ofis, sannan da zai rubuta takardar neman haƙƙinsa sai ya ɗora mata kai da manyan baƙaƙe: NEMAN TAIMAKO. Taimakon me? Wa ya ce sadaka kake nema? Daga Nahuce zuwa Bungudu, daga Tsafe zuwa Gusau, irin wannan takarda ce ke yawo a hannun 'yan kwangila, 'yan fansho da ƙungiyoyin manoma, ko da Hausa aka rubuta ko da Turanci. Kaso mai tsoka na laifin yana wuyan masu shagunan buga takardu, waɗanda ke ajiye tsohuwar takarda ɗaya a kwamfuta, kowa ya zo sai a goge suna a sa nasa, a karɓi kuɗin bugu a sallame shi.

Duk wanda ya san tafiyar takarda a ofishin gwamnati ya san ba ta fara sauka a hannun shugaba. Tana fara zuwa rajista, inda akawu zai buga mata hatimin karɓa, ya rubuta ta a littafi, ya nemo fayil ɗin da ta dace da shi. Abin da yake kwafa a littafin nan shi ne kan takardar, kuma da shi yake yanke inda za ta nufa. Takardar da ta ce neman taimako za ta faɗa cikin tarin masu neman kuɗin magani da na gyaran masallaci, inda ake bayarwa in an ga dama. Wadda ta ce neman biyan ragowar kuɗin kwangila, da lambar kwangilar, za ta bi hanyar sashen ayyuka zuwa ma'aji, inda ake rubuta baucan. Layi ɗaya ne ya raba su, amma wanda ya kuskure shi ya mayar da kansa mai roƙo da hannunsa.

Mu ɗauki misali. A ce wani kafinta a Nahuce ya yi wa wata makaranta bencina 120, kowanne a kan naira 18,000. Jimla ta kama naira 2,160,000. An ba shi kafin alƙalami na naira 900,000, ya kai kaya, shugaban makaranta ya sa hannu cewa ya karɓa. Saura naira 1,260,000, kuma an shiga wata na biyar shiru. Takardar da aka saba buga masa za ta fara da gode wa Allah da ya ba mu shugaba adali, ta yi addu'a ga iyayensa, ta lissafa hanyoyi da rijiyoyin da ya gina, ta koma kan tsadar masara da yawan iyalin mai rubutu. Sai a ƙasan shafi na biyu za a ce ana roƙon a duba ɗan abin da ya rage. Nawa ne? Ba a faɗa ba. Na wane aiki? Sai an yi tambaya. Jami'in da takardu suka yi wa tsibi a tebur zai rubuta a gefe cewa a ajiye sai an waiwaya, kuma kowa ya san ma'anar wannan waiwaye.

Ga yadda ya kamata kan ya kasance: Neman Biyan Ragowar Kuɗin Bencina 120, sai lambar takardar ba da aikin. Abu uku ke ciki: me ake so a yi, a kan wane aiki, da lambar da za a nemo fayil da ita. In ya wuce layi biyu, ya tashi daga kai ya zama labari.

Sakin layi na farko kuwa jimla uku ta ishe shi. "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina neman a biya ni naira 1,260,000, ragowar kuɗin bencina 120 da aka ba ni aikin yi. Jimlar kuɗin aikin naira 2,160,000 ce, an ba ni naira 900,000, na kuma kai kayan duka kamar yadda takardar shaidar karɓa ta nuna. Ina roƙon a ba da umarnin biya ta asusun da ke ƙasa." A sa ranar ba da aiki da ranar kai kaya a gurbinsu, a maimaita adadin da kalmomi don kada wani ya ƙara sifiri ko ya rage. Wanda ya karanta wannan kaɗai ya samu abin da zai rubuta umarni a kai, ko da bai ƙarasa sauran ba.

Na san abin da za a ce: ai mu Hausawa ba ma faɗa wa babba magana gatsau, sai an yi shimfiɗa. Wannan hujja ce ta fi ba ni haushi, domin ƙarya ake yi wa magabata. A duba wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda Backwell ya fassara aka buga a 1927. Sarakuna ne ke rubuta wa Sarkin Musulmi da Waziri, amma galibinsu gajeru ne: daga wane zuwa wane, gaisuwa da girmamawa, sai a tsunduma cikin magana. Su da suka fi mu sanin darajar sarauta ba su cika shafi da kirari ba. Dogon yabon da muke yi yau fadanci ne, kuma mai karatu yana jin ƙanshinsa tun daga layin farko. "Ranka ya daɗe" da "bayan gaisuwa" sun sauke nauyin ladabi.

Gajartawa ma tana da iyaka. Wanda ya fusata ya rubuta layi biyu cewa a biya shi kuɗinsa, ba lamba, ba rana, ba shaida, shi ma takardarsa kwanciya za ta yi, domin ba wanda zai bar aikinsa ya tafi tono fayil saboda shi. Ma'aunin shi ne shafi ɗaya. Bayan sakin farko, sai na biyu ya lissafa abin da aka maƙala: kwafin takardar ba da aiki, shaidar kai kaya, da shaidar kuɗin da aka fara biya. Na uku ya ɗauki sunan banki, sunan asusu, lambarsa mai alƙaluma 10, da lambar waya. Duk abin da ya fi haka, takardun da aka maƙala su faɗe shi. Ɗan fansho ma haka: lambar fayil, ranar ajiye aiki, matakin albashi, watannin da ake bi. Tarihin shekara 35 na aiki yana cikin fayil, ba sai ka sake ba da shi ba.

Akwai uzuri ɗaya da nake karɓa. A wannan yanki da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka hana mutane barci, ba kowa ke son adadin kuɗinsa ya fito ɓaro-ɓaro a kan takardar da za ta bi hannu da yawa ba. To a bar adadin daga kai, lambar aiki ta tsaya a madadinsa, amma dole ya fito a sakin farko, domin ba a rubuta baucan a kan "ɗan abin da ya rage".

Kafin ka biya mai shago kuɗin bugu, rufe takardar da tafin hannunka, ka bar kai da sakin farko kawai, ka ba wanda bai san zancen ba ya karanta. In ya iya gaya maka wa ke nema, nawa ne, na mene ne, da abin da ake so a yi, to ka kai ta, ka kuma tabbata an buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata. In ya kasa, mayar wa mai shago takardarsa ya sake, kuma kada ka ƙara masa ko sisi.