Dosiye ko laƙabi: wanne ya dace da imel ɗin mai ƙaramin shago?

Ƙanena yana da shagon kayan makaranta a Maraɗi, inda yake sayar da kaye da bik da alli da jakunkunan yara. Yawancin cinikinsa baki da baki ne ko ta WhatsApp, amma wanda yake saro wa kaya a Yamai ta imel yake aiko masa da takardar kuɗi, haka ma makarantun kuɗi biyu da ke sayen kaya wurinsa. Wani ɗan rikici da ya same shi lokacin komawa makaranta ne ya sa nake wannan rubutu, domin na san da yawa daga cikin malamai da iyayen yara muna da ɗan shago a gefe, ko muna riƙe wa wani lissafi.

Mu fara da bambancin. Dosiye kamar aji ne. Yaro ba ya zama a aji biyu lokaci guda, in ka kai shi aji huɗu to ya bar aji uku. Haka saƙo yake: in ka ɗauke shi ka saka a dosiye, ya bar inda yake, ya koma wuri guda. Da wannan tsari Yahoo da Outlook suke aiki. Laƙabi kuwa, wanda Gmail na faransanci ke kira Libellé, kamar jerin sunayen da ke biron darakta ne. Sunan yaro ɗaya yana cikin jerin masu cin abinci a makaranta, yana cikin jerin waɗanda ba su biya kuɗin iyaye ba, yana kuma cikin jerin ƴan wasan ƙwallo, amma yaron ɗaya ne. A Gmail saƙo guda ne ke akwai, yana zaune a Tous les messages, kai kuma ka liƙa masa laƙabi nawa kake so.

Ga abin da ya faru. An aiko wa ƙanena da takardar kuɗin katan goma na kaye, jikka 300. Ya biya jikka 180, saura 120. Rabin kayan na wata makaranta ne da ta yi oda. Wannan saƙo ɗaya yana amsa tambaya uku: daga wa ya zo, don wa aka sayi kayan, kuma an gama biya ko da saura. A lokacin adireshinsa na masu dosiye ne, dole ya zaɓi ɗaya, sai ya jefa saƙon a dosiyen makarantar. Bayan mako biyar yaron mai kayan ya buga waya ya ce saura jikka 150. Ƙanena ya buɗe dosiyen masu kaya, bai ga takardar ba, har ya fara shakkar kansa. Da dare ya zo gidana ya ce, “Yaya, ko dai ni ne na manta?” Muka rubuta sunan mai kayan a wurin bincike, saƙon ya fito. Yaron ya yi lissafi ne da farashin farko, kafin a yi ragi. Saura ƙiris jikka 30 su tafi a banza.

Wani zai ce ai sai ya kwafi saƙon a dosiye uku. To ranar da ya biya, sai ya tuna duk inda ya ajiye, in ya manta ɗaya bashin da aka biya ya ci gaba da yi masa kallo. Da laƙabi ba haka ba ne. Saƙon zai ɗauki suna uku: masukaya, makarantu, bashi. Ranar biya sai a cire laƙabin bashi kawai, sauran biyun su tsaya. In kuma yana son ganin abin da masu kaya kaɗai ke bin sa, sai ya rubuta a wurin bincike:

```
label:masukaya label:bashi
```

Don haka ra'ayina shi ne laƙabi ya fi dacewa da mai ƙaramin shago. Dalilin kuwa, takardun shago suna canza hali. Abin da yake bashi yau gobe an biya, odar da ake jira jibi ta iso, alhali sunan wanda ya aiko ba ya canzawa. Dosiye yana riƙe abu ɗaya ne game da saƙo, shago kuma aƙalla abu biyu yake buƙata: mutum da halin da takarda ke ciki.

Sai dai laƙabi yana da ramin da wanda ya saba da dosiye ke faɗawa. Ganin saƙo a wuri uku yakan sa mutum ya zaci kwafi uku ne. Ya gama biya, ya shiga jerin bashi, ya danna Supprimer don ya share shi daga nan, sai saƙon ya ɓace daga ko'ina, domin dama guda ne. Zai zauna a Corbeille kwana 30, bayan nan Gmail ya goge shi gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne cire laƙabin, ba goge saƙon ba. In kuwa so ake a kawar da saƙo daga Boîte de réception ba tare da an rasa shi ba, Archiver ake dannawa. A wani gefen kuma laƙabi ya fi sassauci: in ka goge laƙabin kansa, saƙonnin suna nan, amma a Outlook in ka goge dosiye, da abin da ke cikinsa yake tafiya.

Rami na biyu shi ne yawa. Da ƙanena ya buɗe Gmail ya ɗanɗana daɗin abin, sai ya ƙirƙiri laƙabi kusan ashirin, kowane abokin ciniki da nasa, kowane wata da nasa. Cikin mako uku ya daina liƙawa, don mai shago ba ya da lokacin zaɓe alhali mutum na tsaye yana jiran canji. Muka rage su zuwa biyar: masukaya, makarantu, bashi, inabinsu (wato abin da yake bin wasu), da hukuma don takardun haraji da na wuta. Suna da kwanan wata ba sa buƙatar laƙabi, bincike yana fito da su. Sannan muka zauna gaban ordinatar sau ɗaya muka kafa matata da Filtrer les messages similaires, ta yadda duk saƙon da ya fito daga adireshin mai kayan Yamai zai sami laƙabinsa da kansa. Na bashi kaɗai yake sawa da hannu, domin na'ura ba ta san abin da ya biya ba.

Ban ce kowa ya watsar da dosiye ba. Wanda saƙonnin shagonsa ba su wuce biyar ba a mako, ko wanda abokan cinikinsa suka daɗe da sanin adireshinsa na Yahoo, bai kamata ya sauya adireshi don wannan ba. Ya yi dosiye biyu bisa halin takarda, na waɗanda ba a gama ba da na waɗanda aka gama, ya bar bincike ya nemo masa sunaye. Mai Outlook kuma yana da Catégories masu launi, ana iya sa wa saƙo ɗaya fiye da guda, suna yin kusan aikin laƙabi a kan dosiye.

Ko wanne mutum ya zaɓa, littafin bashi na takarda yana nan daram. Ƙanena kowace Juma'a kafin ya rufe shago yana buɗe jerin bashi a wayarsa ya gwada da littafin. In littafi ya nuna mutum huɗu, waya ta nuna uku, ya san akwai saƙon da bai liƙa wa laƙabi ba, sai ya neme shi tun kafin mai kaya ya buga waya.